BABI NA UKU: TASIRIN GIYA DA MAGUNGUNA DA GAJIYA A KAN LOKACIN MARTANIN DIREBA A YANKIN FUNTUWA DA MALUMFASHI

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi bayani a kan abubuwa uku da ke jinkirta direba wajen taka birki idan haɗari ya taso masa, wato giya da magunguna da gajiya. Za a fara da bayyana ma'anar lokacin martani da yadda ake lissafa shi, sannan a ɗauki abubuwan nan ɗaya bayan ɗaya. Bayan haka za a kawo misalin tafiya guda a kan hanyar Funtuwa zuwa Malumfashi, a kuma dubi abin da dokokin tuƙi na Nijeriya suka tanada. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, doka ta yi wa giya ma'auni na lamba, amma magani da gajiya, waɗanda suka fi kusa da direban wannan yanki, ba su da irin wannan ma'auni, alhali ɓarnar da suke yi wa ƙwaƙwalwa iri ɗaya ce.

3.1 Ma'anar Lokacin Martani

Abin da ake nufi da lokacin martani a wannan nazari shi ne tazarar da ke tsakanin bayyanar haɗari a gaban direba da lokacin da ƙafarsa ta fara danna birki. A cikin wannan 'yar tazara abubuwa huɗu ne suke faruwa a jere. Da farko ido ya ga abin. Na biyu ƙwaƙwalwa ta gane ko mene ne, saniya ce ko inuwar bishiya. Na uku ta yanke shawarar abin yi, birki ko kaucewa. Na huɗu saƙo ya bi jijiyoyi ya isa ƙafa, ƙafa ta bar totur ta koma kan birki. Duk tsawon wannan lokaci mota tana tafiya da cikakken gudunta.

Akwai gwaji mai sauƙi da ake yi da rula. Mutum ɗaya zai riƙe rula a tsaye, na biyu ya buɗe yatsunsa biyu daidai ƙasanta. Idan aka sake ta ba tare da sanarwa ba, sai na biyun ya cafke. Wanda ya cafke a kan santimita 20 ya ɗauki kimanin daƙiƙa 0.2 ke nan, wanda kuwa ya cafke a kan santimita 31 ya ɗauki daƙiƙa 0.25. Sai dai wannan gwaji yana da iyaka, domin mai cafkewar ya san abin da yake jira, kuma ba shi da wata shawara da zai yanke. A kan hanya ba haka abin yake ba. Masu binciken haɗurra sukan ɗauki kimanin daƙiƙa 1.5 a matsayin lokacin martanin direba mai lafiya da abu ya zo masa ba zato, injiniyoyin da ke tsara hanyoyi a Amurka kuwa suna aiki da daƙiƙa 2.5 don su bar wa mai jinkiri sarari.

Domin a mayar da daƙiƙa ta zama nisa, sai a raba gudun mota da 3.6, abin da ya fito shi ne mitocin da take ci a daƙiƙa ɗaya. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa, mai gudun kilomita 90 kuma mita 25. Ke nan jinkirin daƙiƙa guda, wanda mutum ba ya ko lura da shi a zaune, ya kai tsawon tirela ko fiye a kan kwalta.

3.2 Giya

Giya tana shiga jini ta ciki da ƙaramin hanji, kuma cikin mintoci kaɗan take isa ƙwaƙwalwa. Aikinta a can shi ne rage saurin isar da saƙo tsakanin ƙwayoyin jijiya. Matakan ganewa da yanke shawara su ne suke fara raunana, tun kafin a ga mutum yana tangaɗi. Haka kuma tana rage masa ganin gefe, ta hana shi raba hankali tsakanin abubuwa biyu. Mafi muni shi ne tana ƙara masa yarda da kansa a daidai lokacin da iyawarsa take raguwa.

Ana auna giya da nauyinta a cikin jini. Kwalbar giya babba mai santilita 60, wadda ƙarfinta ya kai kashi 5 cikin ɗari, tana ɗauke da kimanin giram 24 na tsantsar barasa. Bisa ga lissafin da masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Widmark, ya samar, ana raba wannan nauyi da kashi 68 cikin ɗari na nauyin jikin namiji. Ga mai nauyin kilo 65, wannan ya kama kilo 44. Idan aka raba 24 da 44, za a sami kimanin giram 0.5 a kowace litar jini. Wato kwalba ɗaya da aka sha da sauri, ciki babu abinci, tana iya kai shi bakin iyakar da doka ta gindaya, kwalba biyu kuma ta ninka. Abinci yana rage saurin shigarta jini, amma ba ya hana ta shiga. Burkutu kuwa ba shi da tsayayyen ƙarfi, don haka mai shan sa ba shi da hanyar sanin abin da ya zuba wa cikinsa.

Hanta ce take fitar da giya, kuma tana yin haka ne a hankali, kimanin giram 0.15 daga kowace litar jini a awa ɗaya. Saboda haka wanda ya sha kwalba biyu yana buƙatar kusan awa bakwai kafin jininsa ya wanke. Shayi mai kauri da goro da wanka da ruwan sanyi ba su ƙara wa hanta sauri. Wanda ya sha da yawa da tsakar dare ya hau mota da asuba yana iya kasancewa har yanzu a saman iyaka, ko da yake shi yana jin ya wartsake.

Jihar Katsina ta fara aiki da shari'ar Musulunci a shekarar 2000, kuma an hana sayar da giya a fili. Amma Funtuwa mahaɗa ce ta hanyoyin Zariya da Gusau da Katsina da Birnin Gwari, direbobi daga sassa daban-daban na ƙasar nan suna ratsa ta, kuma abin da mutum ya sha a wata jiha yana nan a jininsa idan ya shigo wannan. Don haka ba za a ce batun giya bai shafi yankin ba.

3.3 Magunguna

Za a kasa magungunan da suka shafi tuƙi kashi biyu: waɗanda ake sha don neman lafiya, da waɗanda ake sha don neman ƙarfin aiki ko maye.

A kashi na farko, wanda ya fi yawa shi ne maganin mura da ƙaiƙayi irin su Firiton. Lokacin hunturu, wanda ya zo daidai da lokacin kwasar amfanin gona, ƙura da sanyi suna kawo mura, kuma ana sayen wannan magani a kowane kemis ba tare da takardar likita ba. Irin waɗannan tsofaffin magungunan mura suna ratsawa cikin ƙwaƙwalwa su toshe wani sinadari da ke riƙe mutum a farke. Sinadarin da ke cikin Firiton yana daɗewa a jikin babba, ta yadda wanda ya sha da dare zai iya wayar gari da sauransa. A shekarar 2000 Weiler da abokan aikinsa sun yi gwaji da na'urar kwaikwayon tuƙi a Jami'ar Iowa ta Amurka. Sun gano cewa miligiram 50 na wani maganin mura ɗan wannan dangi ya lalata tuƙin waɗanda aka gwada fiye da giyar da ta kai kusan giram 1 a litar jini. Sun kuma lura cewa jin barci ko rashin jin sa ba ya nuna ko tuƙin mutum ya lalace. Wannan yana nufin maganar da direba kan yi cewa shi magani ba ya sa shi barci ba hujja ba ce. Baliyam, wanda ake bayarwa don samun barci ko kwantar da hankali, shi ma yana kwana ya yini a jiki, yana kuma sassauta tsoka.

A kashi na biyu akwai Tiramol da maganin tari mai kodin. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, a rahotonsa na shekarar 2018, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 4.6 a Nijeriya sun sha magungunan kashe zafi irin su Tiramol ba bisa umarnin likita ba, miliyan 2.4 kuma sun sha maganin tari don maye. A watan Mayu na 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Tiramol da aka amince da shi don magani shi ne mai miligiram 50 da 100, amma wanda ke yawo a bayan fage yakan kai 200 ko 225. Mai aikin ƙarfi yana shan sa ne don ya daina jin ciwon jiki da gajiya. Abin da ya kamata a fahimta shi ne, maganin yana kashe jin gajiya ne kawai, gajiyar kanta tana nan, ga kuma jiri da dushewar hankali da ya ƙara a kai. Yawansa kuma yana iya jawo farfaɗiya nan take, ko ga wanda bai taɓa yin ta ba. Idan aka haɗa ɗaya daga cikin waɗannan da giya ko da Baliyam, tasirin yana zarce na kowannensu shi kaɗai.

3.4 Gajiya da Rashin Barci

Gajiya ita ce ta fi wuyar kamawa, domin babu abin da mutum ya sha. Dawson da Reid sun nuna a shekarar 1997 cewa mutumin da ya yi awa 17 bai yi barci ba, ƙwazonsa yana raguwa daidai da na wanda ke da giram 0.5 na giya a litar jini, idan kuma ya kai awa 24 sai ya yi daidai da mai giram 1. Williamson da Feyer sun maimaita irin wannan gwaji a shekarar 2000 a ƙasar Ostareliya, tare da ma'aikatan sufuri da sojoji. Sun tarar cewa bayan awa 17 zuwa 19 a farke, saurin martani a wasu gwaje-gwajen ya ragu da abin da ya kai rabi.

Baya ga yawan awoyi, lokacin tafiya ma yana da tasiri. Jikin ɗan Adam yana da agogonsa, wanda ke saukar da kuzari sosai daga misalin ƙarfe 2 na dare zuwa wayewar gari, ya kuma sake saukar da shi kaɗan bayan azahar. A irin waɗannan lokuta ne gyangyaɗi na daƙiƙa biyu zuwa biyar yake sace direba, wani lokaci ma idonsa a buɗe, kuma sau da yawa ba ya sanin ya yi. Alamominsa su ne yawan hamma, da nauyin fatar ido, da motar da ke zamewa zuwa gefen kwalta a fizgo ta, da kuma direba ya kasa tuna ƙauyen da ya wuce yanzu. Goro da shayi da gadagi suna ɗage barci na ɗan lokaci, amma barci ba ya yafe bashi. Buɗe gilashi da ƙure rediyo kuwa amfaninsu bai wuce 'yan mintoci ba.

3.5 Misalin Tafiya Daga Ɗandume Zuwa Dawanau

Domin a ga yadda waɗannan abubuwa suke haɗuwa, a ɗauka ga wani direban Kanta da aka yi wa lodin masara a kasuwar Ɗandume a watan Disamba, zai kai kasuwar Dawanau ta Kano ta hanyar Funtuwa da Bakori da Malumfashi da Gwarzo. Ya tashi ƙarfe 4:30 na asuba. Ya yini yana jiran ciniki ya faɗa, 'yan dako su gama lodi, kamasho ya sallame shi. Mura tana damun sa, don haka bayan magariba ya sha Firiton. Ƙarfe 9:30 na dare ta same shi tsakanin Bakori da Malumfashi, wato ya cika awa 17 a farke. Yana gudun kilomita 60 a awa. A gabansa akwai amalanken shanu da ta maƙale a kan kwalta da lodin kara, babu fitila a jikinta. Za a ɗauka cewa fitilar motarsa ta haska ta daga nisan mita 60, kuma birkinsa da wannan lodi yana buƙatar mita 28 kafin motar ta tsaya cik.

Da a ce direban ya yi barci isasshe bai kuma sha komai ba, martaninsa daƙiƙa 1.5 ne. Motar za ta ci mita 25 kafin ya taka birki, ta ƙara mita 28 tana tsayawa, jimilla mita 53. Zai tsaya saura mita 7 tsakaninsa da amalanken.

Idan gajiya da magani suka ƙara masa daƙiƙa ɗaya tak, martanin ya zama 2.5, motar za ta ci kusan mita 42 kafin birki ya fara aiki. Saura mita 18 ke nan, alhali yana buƙatar 28. Lissafi ya nuna cewa zai daki amalanken yana gudun kimanin kilomita 35 a awa, wanda ya isa ya hallaka shanun da mai kora su. Da wannan jinkiri, sai gudunsa bai wuce kilomita 54 a awa ba ne zai iya tsayawa a cikin mita 60 ɗin.

Idan kuwa gyangyaɗin daƙiƙa 3 ya sace shi a daidai lokacin da amalanken ta bayyana, motar za ta ci mita 50 babu mai tuƙa ta, kuma kafin ya farka ya kai ƙafa kan birki ya riga ya isa. A nan rage gudu kaɗan ba zai yi magani ba. Wannan ne ya sa masu binciken haɗari suke duba kwalta: inda babu sawun birki ko alamar an yi ƙoƙarin kaucewa, a kan miƙaƙƙiyar hanya, cikin dare, sukan fi zargin barci. A dukkan yanayin nan uku motar ɗaya ce, birkin ɗaya ne, gudun ma ɗaya ne. Direban ne kawai ya sauya, kuma da za a sa shi ya hura na'urar gwajin giya, sifiri za ta nuna.

3.6 Abin da Dokokin Tuƙi Suka Tanada

An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a shekarar 1988, kuma an sabunta dokar da ta kafa ta a 2007, aka kuma fitar da Ƙa'idojin Zirga-zirgar Hanyoyi na Ƙasa a 2012. Kundin ƙa'idojin hanya na Nijeriya ya sanya iyakar giya a kan giram 0.5 a litar jini, wato kashi 0.05 cikin ɗari. Dokar 2007 ta mayar da tuƙi cikin maye laifi, ko mayen na giya ne ko na ƙwaya, ta kuma sanya tarar Naira 5,000 ko ɗauri ko duka biyun. Laifin bai tsaya ga wanda ya haura lamba kawai ba, ya haɗa da duk wanda abin da ya sha ya kai shi ga kasa sarrafa mota yadda ya kamata. Ta wannan ƙofa ce magani yake shiga, kuma kasancewar an saye shi a kemis don mura ba ya sauya abin da ya yi wa direban.

Game da gajiya, ƙa'idojin sun ƙayyade wa direbobin motocin haya da na kaya awoyin da za su yi suna tuƙi a jere da kuma jimillarsu a yini, sun kuma wajabta hutun aƙalla awa 8 a jere cikin kowace awa 24. Alhakin bai tsaya kan direba ba, ya hau kan mai motar da ya sa shi ko ya ƙyale shi. Hukumar kuma tana yawan gargaɗin a tsaya a huta bayan tuƙin awa 4, a kuma guji tafiyar dare. A Tarayyar Turai, dokar 2006 ta wajabta hutun minti 45 bayan tuƙin awa 4 da rabi, kuma akwai na'ura a jikin manyan motoci mai rubuta awoyin tafiya.

A nan ne giɓin yake. Giya tana da na'urar da ake hurawa a bakin hanya ta ba da lamba nan take. Tiramol da Firiton sai an gwada jini ko fitsari ko yawu, kuma dokar ba ta yi musu lamba ba. Gajiya kuwa ba ta da gwaji ko ɗaya, sai dai rubutaccen bayanin awoyin aiki, wanda ƙananan motocin da ke jigilar hatsi daga kasuwannin ƙauye ba su saba ajiyewa ba. Bugu da ƙari, ƙa'idar tana ƙirga awoyin tuƙi ne, ba awoyin da mutum ya yi a farke ba. Direban misalinmu bai yi awa biyu a kan sitiyari ba lokacin da ya iso Bakori, amma yinin da ya yi a tsaye a kasuwa ya riga ya cinye kuzarinsa.

3.7 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa giya da magunguna da gajiya duk wuri ɗaya suke taɓawa, wato tazarar da ke tsakanin gani da taka birki, kuma ƙarin daƙiƙa ɗaya a gudun kilomita 60 ya isa ya mayar da tsayawa lafiya ta zama karo. An kuma ga cewa awa 17 a farke daidai take da iyakar giyar da doka ta hana tuƙi a samanta. Bisa ga wannan, tambayoyin da suka fi dacewa a yi wa direba a tashar Funtuwa ko ta Malumfashi kafin a sallami motarsa su ne ƙarfe nawa ya tashi daga barci, da kuma wane magani ya sha tun daren jiya. Shugabannin tasha da iyayen gidan mota, waɗanda suke ganin direba kafin jami'in hanya ya gan shi, su ne suke da damar yin waɗannan tambayoyi.